Yadda ake sa manhaja ta amsa tambayoyin masu saye daga takardun kayan shagonka

Shawarar da aka fi ba mai ƙaramin kasuwanci ita ce ya nemi manhajar amsa tambayoyi mafi ƙarfi, ya zuba mata takardunsa, ya koma gefe. Wannan shawara ce ke jawo amsar da ba ta dace ba. Tsarin da irin wannan manhaja ke bi, wanda ake kira RAG, sunan da ya fito daga wata maƙalar Patrick Lewis da abokan aikinsa a 2020, aikinsa biyu ne: a fara lalubo 'yan guntayen rubutu daga takardunka waɗanda suka shafi tambayar, sannan a miƙa su ga manhajar ta tsara amsa daga cikinsu. Ba ta ganin dukan takardunka, abin da aka ɗebo mata kawai take gani. Saboda haka yawancin kurakurai tun wajen yanka takardu da bincike suke faruwa, kuma nan ya kamata lokacinka ya tafi. Mu ɗauki misalin shagon kayan sola mai sayar da inbata da batir da fanel, wanda ke da littattafan bayanin kaya kamar arba'in, yawancinsu PDF da Turanci.

Mataki na farko, tara takardun, ka cire tsofaffin bugu da waɗanda suka maimaitu. Mataki na biyu, mayar da su rubutu zalla. Idan shafin hoto ne aka ɗauka, sai an bi da shi ta manhajar karanta hoto irin su Tesseract. Kada ka wuce nan ba tare da ka buɗe sakamakon ka karanta shafi biyar ko shida da idonka ba, musamman jadawali, domin a nan ginshiƙai ke cakuɗewa, sifili ya koma harafin O, lambar samfuri ta lalace tun ba a fara komai ba.

Mataki na uku shi ne yanka, kuma shi ne ke buƙatar haƙuri. Hanyar da ake yawan koyarwa ita ce a datse rubutu duk bayan haruffa dubu ɗaya, ko ina wuƙar ta faɗa. Duba abin da hakan ke haifarwa. A ce shagon na da inbata biyu na kamfani ɗaya, mu kira su NV-3K24 da NV-5K48. Ta farko tana aiki da bolt 24, ta biyu da bolt 48. Littattafansu kusan kalma da kalma ɗaya ne, lambobi kawai suka bambanta, kuma sunan samfurin a bango da saman shafi kaɗai yake. A shafi na tara na littafin farko akwai jimlar da ke cewa a jera batir biyu masu bolt 12. Idan aka datse ta da ƙidayar haruffa, guntun da ya fito ba ya ɗauke da sunan inbatar da yake magana a kai. Mai saye ya tambayi batir nawa NV-5K48 ke ɗauka, bincike ya ɗebo wannan guntun domin ya yi kama da tambayar, manhaja ta ce biyu, alhali huɗu ne. Manhajar ta karanta abin da aka ba ta daidai, guntun ne ya zo ba shaida, shi kuma mai saye ya koma gida da rabin batir ɗin da yake buƙata.

Ka'idar da ke hana wannan ita ce kowane guntu ya iya tsayawa da ƙafarsa. Ka ɗauka an yage shi an miƙa wa sabon yaron shago: zai gane wane kaya ake nufi, kuma a kan me ake magana? Don a cimma haka, ka yanka a kan kanun littafin, wato sashen girkawa daban, sashen batir daban, sashen garanti daban. Sashen da ya yi tsawo sai a raba shi a ƙarshen sakin layi, kowane guntu ya kama tsakanin kalma 200 zuwa 400, a maimaita jimla ɗaya ko biyu ta ƙarshen guntun baya a farkon na gaba domin kada sharaɗi ya rabu da abin da yake gittawa. Sannan, kuma wannan ne aka fi mantawa, a liƙa wa kowane guntu layin shaida a samansa:

```
Samfuri: NV-5K48 | Sashe: Haɗa batir | Shafi: 9 | Bugu: 2024
```

Wannan layin zai shiga bincike tare da rubutun, zai kuma ba manhajar damar faɗin shafin da ta samo amsarta.

Jadawali na da nasa hukuncin. Jadawalin lambobin matsala, inda ake jera F01, F02 har ƙasa tare da ma'anarsu da maganinsu, idan aka raba shi tsakiya, rabin ƙasa zai rasa kanun ginshiƙai, ya zama tarin lambobi marasa ma'ana. Abin yi shi ne a mayar da kowane layi guntu mai zaman kansa da cikakkiyar jimla: a samfuri kaza, lamba kaza na nufin kaza, a duba kaza. Wani zai ce wannan ya saɓa wa tsawon da aka faɗa a sama. Tsawon ƙiyasi ne kawai, ka'idar ita ce guntu ya ƙunshi magana ɗaya cikakkiya, kuma layin jadawali magana ɗaya ce. Guntun da ya cika girma ma yana da illarsa: idan ya haɗa garanti da girkawa da tsafta, ba zai yi kama sosai da kowace tambaya ba, sai ya nitse a ƙasan sakamako.

Mataki na huɗu, bincike. Iri biyu ne, kuma kuskure ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Binciken ma'ana yana mayar da kowane guntu jerin lambobi, abin da masu sana'ar ke kira embedin, ta yadda rubuce-rubuce masu ma'ana kusa za su sami lambobi kusa. Amfaninsa a fili yake: mai saye ya rubuta cewa inbatarsa na ta ƙara da dare, littafin kuma ya kira abin gargaɗin ƙarancin caji, binciken ma'ana zai iya haɗa su ko da ba kalma ɗaya da suka yi tarayya. Rauninsa kuma daidai inda mai shago ya fi buƙata yake, domin a wurinsa NV-3K24 da NV-5K48 kusan abu ɗaya ne, haka F04 da F14. Binciken kalma, wanda aka fi yi da lissafin BM25 da ya samo asali daga aikin Stephen Robertson da abokansa a Landan, yana ba kalmar da ba ta da yawa a takardu nauyi mai yawa, kuma lambar samfuri irin wannan kalmar ce. Ga ƙaramin shago SQLite ya wadatar, kyauta ne, a fayil ɗaya yake zaune, kuma sashensa na FTS5 na da BM25 a ciki. Sai dai a yadda yake zuwa yana raba kalma a wajen karan ɗori, NV ta koma gefe, 5K48 gefe. Ga gyaran:

```sql
CREATE VIRTUAL TABLE guntaye USING fts5(
  samfuri, sashe, rubutu,
  tokenize = "unicode61 tokenchars '-'"
);
```

Haɗa sakamakon biyun ba ya buƙatar wani babban lissafi. Ɗebo guntu ashirin daga kowane bincike, ka ba kowane guntu maki `1/(60 + matsayi)` a kowane jerin da ya fito, ka tara. Wannan dabarar ana kiranta RRF, an wallafa ta a 2009, kuma 60 ɗin daga can ta fito. Guntun batir na NV-5K48 da ya zo na 1 a binciken kalma, na 9 a binciken ma'ana, zai sami kusan 0.031. Guntun da ya zo na 1 a binciken ma'ana kaɗai zai tsaya a 0.016. Wanda hanyoyi biyu suka shaida shi ke hawa sama. Ka miƙa wa manhajar biyar na farko. Mafi inganci ma, idan tambayar ta ambaci samfuri, a tace tun farko, kada a bincika sai guntayen wannan samfurin. Idan ba ta ambata ba, tsarin ya tambayi mai saye wace inbata ce a hannunsa kafin ya amsa.

Akwai matsalar da ta shafi masu ciniki da Hausa musamman. Takardun da Turanci suke, tambayoyin kuma da Hausa ko a gauraye, don haka binciken kalma ba zai kama komai ba sai lambobi. A zaɓi embedin mai harsuna da yawa wanda aka tabbatar ya ƙunshi Hausa, irin su LaBSE, ko a fassara tambayar zuwa Turanci kafin bincike, a bar lambobin samfuri yadda suke. Idan kuma akwai rubutun Hausa cikin guntayen, a tuna mutane a waya suna rubuta karfi a maimakon ƙarfi, sai a mayar da ƙ da ɗ da ɓ zuwa k da d da b a ɓangarorin biyu, a kwafin bincike kawai.

Mai ƙorafi zai ce manhajojin yanzu na iya karanta ɗaruruwan shafuka a lokaci guda, me zai hana a zuba musu komai a huta? Idan duk takardunka shafi ashirin ne ko talatin, yi hakan, ya fi sauƙi kuma ba laifi. Amma littattafai arba'in masu kama da juna wani abu ne daban. Ana biyan kuɗi gwargwadon yawan rubutun da aka aika a kowace tambaya, amsa na jinkiri, kuma ruɗanin samfuri biyu masu jimloli iri ɗaya bai tafi ko'ina ba. Shi kuwa lissafin embedin na littattafai arba'in kuɗi kaɗan ne, sau ɗaya ake yi sai in takarda ta canja. Abin da ke da tsada shi ne kwanakin mutumin da zai zauna ya tsabtace jadawali. Farashi da yawan kayan da suka rage a sito kuwa kada su shiga guntaye ko kaɗan, domin suna sauyawa kullum. A ɗauko su kai tsaye daga rajistar shago a lokacin tambaya.

Mataki na biyar, umarni ga manhajar: ta amsa daga guntayen kawai, ta faɗi littafi da shafi, idan amsar ba ta ciki ta ce babu, ta tura mai saye ga ma'aikaci.

Mataki na ƙarshe, gwaji, kuma a gwada bincike shi kaɗai kafin a duba amsa. Tattara tambayoyi talatin na gaske daga saƙonnin masu saye, da kurakuran rubutunsu, ka rubuta shafin da amsar kowacce take. Ga kowace tambaya duba abu ɗaya: guntun da ya dace yana cikin biyar na farko? Idan ba ya cikin ashirin ma, buɗe guntun ka karanta, galibi za ka tarar an yanke shi tsakiya ko ba shi da layin shaida. Idan yana cikin ashirin amma bai kai biyar ba, matsalar jeri ce, sai a duba tacewa da haɗa maki. Idan yana cikin biyar amma amsa ta karkace, a nan ne kaɗai ya kamata ka taɓa umarni ko ka yi tunanin sauya manhaja. Duk lokacin da sabon littafi ya shigo, goge guntayen tsohon bugu, ka sake gudanar da tambayoyin talatin kafin masu saye su fara amfani da shi.