Yadda Ake Ba Kwamfuta Data Daga Waya

Hotsifot hanya ce da waya ke raba datarta ga wata na'ura ta wayifai, kamar kwamfutar tafi-da-gidanka. Kafin komai, a tabbatar akwai data a layin kuma an kunna ta, domin kwamfuta kan haɗu da waya lafiya lau alhali babu intanet.

A yawancin wayoyin Andiroyid ana shiga Settings, a nemo Hotspot & tethering, sannan a kunna Wi-Fi hotspot. Sunayen kan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A Ayifon kuwa Personal Hotspot ake nema. A nan za a ga sunan hotsifot ɗin da kalmar sirrinsa, wadda ba ta gaza haruffa 8. Barinsa babu kalmar sirri ganganci ne, don duk na kusa zai iya shan datar. Daga nan sai a danna alamar wayifai a kwamfuta, a zaɓi sunan, a rubuta kalmar sirrin.

Idan kwamfutar tsohuwa ce kuma ba ta ga sunan ba, sau da yawa wayar tana watsawa ne a kan 5 GHz; mayar da ita 2.4 GHz kan magance matsalar.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne sabunta manhaja. Windows na ɗaukar hotsifot tamkar wayifai marar iyaka, sai ta sauke manyan fayiloli ba tare da tambaya ba. Kunna Metered connection a saitin wannan haɗin yana rage hakan sosai. Batirin waya ma yana saurin ƙarewa, wayar ta yi zafi, shi ya sa haɗawa da wayar caji ta USB tethering ya fi dacewa da dogon aiki.