Kifi nawa zan auna don sanin matsakaicin nauyi?

'Yan uwa masu kiwon tarwaɗa a Cheberu, ɗan kasuwa daga Birnin Kebbi zai saya da kilo, kuskuren lissafi kuwa asara ce.

Tunda ba ka san tazarar nauyin kifayenka ba, fara da ɗan gwaji. Kamo 10 daga wurare daban-daban na kududdufi, ka auna kowanne. Kalkuleta za ta ba ka tazarar (s), mu ce giram 120.

Idan kana son kuskure (E) kada ya wuce giram 40, da tabbacin kashi 95 cikin 100:

n = (1.96 × s ÷ E)² = (1.96 × 120 ÷ 40)² = 34.6

Wato kifi 35. Amma tunda gwajin ƙarami ne, tazarar gaskiya tana iya fin 120, don haka kai shi 45. Kada ka zaɓi manya kawai.