Addu'ar Sauke Ƙullaci

Tambaya: Malama, ƙanwar mijina ta yi mini ƙazafi. An daɗe, amma har yau in na ji muryarta sai ƙirjina ya ɗau zafi. Wace addu'a zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ƙazafi yana da ciwo, ba zan ce ki manta ba. Sayyidina Abubakar ma ya rantse ba zai ƙara ciyar da Misɗahu ba, saboda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka, sai ya ci gaba da ciyar da shi.

Bayan nafilar dare, kowa ya yi barci, ki ɗaga hannu ki kama sunanta:

"Ya Allah, Ka san abin da ta faɗa, Ka san ƙarya ne. Na gaji da riƙonsa. Na yafe mata don ina kwaɗayin gafararKa. Ka wanke ni a idon waɗanda suka ji, Ka yaye mini zafin nan, Ka yi mata albarka."

Roƙon ƙarshen nan shi zai tsaya miki a maƙogwaro. Ki riƙa maimaita shi kullum har ya zo da sauƙi. Kuma yafiya ba ta tilasta miki ki sake ba ta sirrinki ba, sallama da gaisuwa sun wadatar.