Amsoshin Tambayoyinku: Dillalin Biza da Aikin Saudiyya

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya ce wani dillali ya yi masa alkawarin aikin tuƙin mota a Saudiyya, amma sai ya biya naira miliyan biyu kafin biza ta fito. Yana tambaya, ya biya?

Malam, kada ka biya. Bizar aiki daga wanda zai ɗauke ka take farawa: shi yake nema maka ita, kuma dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ɗora masa kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama. Ofishin jakadancin Saudiyya ne yake ba da bizar, ba dillali ba.

Ka ce ya nuna maka lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da takardar kwangila mai sunan kamfani, albashi da tsawon wa'adi. Idan ya ce ka shiga da bizar Umara ko ta ziyara, a can za a juya maka ita, yaudara ce. Yin aiki da ita laifi ne, ƙarshensa kamu da koro.

In yana azalzalarka ka tura kuɗi asusunsa na kansa, riƙe fasfonka, ka kai ƙararsa ga hukumar NAPTIP ko EFCC.