Labarin rabo ga ɗan shekara biyar: jimla guda ta isa

Wata malamar ajin share fage daga Belbeji ta rubuto cewa ta tsara wa yaranta labari kan rabon abinci, shafi biyu cur, da nasiha a ƙarshe. Kafin ta kai rabi yara sun koma wasa da ƙasa. Tana tambaya ina ta kuskure.

Malama, a shekara biyar yaro bai fara karatu ba tukuna. Yana dai koyon cewa abin da baki ya faɗa shi ne ke zaune a kan allo, daga hagu zuwa dama, kalma bayan kalma. Dogon labari ba ya ba shi wurin kamawa. Abin da zai kama shi ne jimla ɗaya da ke dawowa ba ta sauya kama, kamar amshin waƙar tatsuniya. Saboda haka ki fara zaɓen amshin, sannan ki gina labarin a kansa.

Ga wanda nake ba malamai: "Ga naka, ga nawa." Kalma huɗu ce, haruffanta biyar kacal: g, a, n, k, w. Kowace gaɓa baƙi ne da wasali. Babu ƙ, ɗ ko ɓ, babu sh ko ts, waɗanda gara a jinkirta su. Kuma magana ce da yaro ke ji kullum a gida.

Ga labarin:

Baba ya dawo daga Tanut. Ya ba Nana dabino huɗu.
Nana ta ga Sani a bakin rijiya. Ta ba shi ɗaya. "Ga naka, ga nawa."
Saura uku.
Nana ta ga Kaka a gindin rumbu. Ta ba ta ɗaya. "Ga naki, ga nawa."
Saura biyu.
Nana ta ga Ali da awaki. Ta ba shi ɗaya. "Ga naka, ga nawa."
Saura ɗaya.
Sai ga ƙanenta ya miƙo hannu. Nana ta dubi dabino, ta dubi ƙanenta. Ta raba dabinon biyu. "Ga naka, ga nawa."

Iyakarsa ke nan, kada ki ƙara masa wa'azi. Idan kin iso kan dabinon ƙarshe ki yi shiru, ki tambaye su me Nana za ta yi. Za ki ji gardama, wani ya ce ta cinye, wani ya ce ta ruga gida. Ki bar su su yi ta, a nan suke tunanin rabo da kansu.

Na zaɓi dabino da gangan. Da fura ce, dole amshin ya koma "taka" da "tawa", kuma ba a ƙirga ta da yatsa. Rijiya, rumbu da awaki kuwa ɗan Damargu ba ya bukatar a bayyana masa su, sai hankalinsa ya tafi kan rubutu.

Ki rubuta amshin shi kaɗai a allo da manyan baƙaƙe, da tazarar yatsa biyu tsakanin kalmomi. Ke ki faɗi labarin da baki, in an zo amshi ki sa sanda ƙarƙashin kowace kalma, su kuma su faɗa. Minti goma a rana ya isa. Yaran da ke Tamajak, Fulatanci ko Barbarci a gida, ki haɗa musu da hannu: a miƙa gaba a "naka", a dafa ƙirji a "nawa". Ki zo da tsakuwa huɗu su riƙa ragewa.

Matsalar amshi ita ce hadda. Nan da kwana uku duk ajin na rera shi, har da mai kallon taga, sai ki ɗauka sun iya. Don haka na sa Kaka a tsakiya. A wurinta "naka" ya koma "naki", harafi ɗaya ya sauya. Ki rubuta jimlolin biyu, ɗaya bisa ɗaya, ki kira yaro shi kaɗai ki ce ya nuna miki ta Kaka. Wanda ya duba ƙarshen kalma ya fara kallon rubutu. Wanda ya dubi fuskarki yana jira, kunne kawai yake bi. Shi sai ki yanka masa kalmomin huɗu a kwali, ki cakuɗa, ya jera su yana faɗa. In yatsansa ya ƙare kafin bakinsa, ki riƙe hannunsa ku bi tare, kalma ɗaya taɓawa ɗaya.

Bayan mako guda ki sauya dabino da cuku, ki sauya sunayen yaran da na 'yan ajinki, amma amshin ki bar shi yadda yake har sai yawancinsu sun iya tsamo "nawa" daga cikin kwalayen ba tare da kin taimaka ba.