Darasi: Raba intanet na waya ɗaya ga ƙaramin ofis

A ofisoshinmu na sansani, waya ɗaya kan ciyar da kwamfuta uku ko huɗu ta hanyar ƙaramar na'urar raba intanet.

Da farko mu kunna “Hotspot” a wayar, mu zaɓi 2.4 GHz, domin wasu ƙananan na'urori ba sa ganin 5 GHz. Sannan mu buɗe shafin na'urar, mu zaɓi “Repeater”, mu sa sunan wayar da kalmar sirrinta. Kwamfutoci su haɗu da na'urar kawai.

Idan intanet ya yanke alhali na'urar na kunne, mu duba wayar: takan kashe rabawar da kanta, ko kuɗin data ya ƙare. A kowace kwamfuta mu kunna “Metered connection”, kada sabuntawar Windows ta cinye datar wata a yini guda.