Yadda Ake Fayyace Haruffa, Muƙamai da Kalmomin Sana'a a Rahoton da Zai Je Kamfanin Inshora

Idan injin ya lalace a masana'anta, ma'aikacin da ya san shi ne ke rubuta rahoto, amma wanda zai yanke hukuncin biyan diyya bai taɓa tsayawa kusa da injin ba. Jami'in inshora ko na takaful, da mai ƙiyasta asarar da suka turo, abin da ke kan takarda shi ne hujjarsu. Duk kalmar da ba su gane ba, ko dai su dawo da tambaya aikin ya ja lokaci, ko su fassara ta da kansu, kuma fassarar ba lallai ta yi maka daɗi ba.

Bari mu bi misali ɗaya. A ce masana'antar casar shinkafa ce mai janareta 500 kVA. Wata rana ƙarfin wuta ya haura, ya ƙona allon sarrafa injin tsince shinkafa. Mai kula da wuta ya rubuta: "AVR ya gaza. MCCB bai yanke ba. An yi PM a kan lokaci. Injiniya ya duba, PM ya sa hannu." Abokan aikinsa sun fahimta sarai. Ga yadda za a gyara shi domin baƙo.

Mataki na 1: Ja layi a ƙarƙashin duk abin da ɗan gida kaɗai ya sani

Ɗauki biro ka bi rahoton layi-layi. Ka yi alama a kan taƙaitattun haruffa, da muƙamai, da ma'aunai, da laƙabin da kuka raɗa wa injuna, irin su "babban janareta" ko "na baya". Ma'aunin shi ne wannan tambaya: akawun da bai taɓa shiga ɗakin janareta ba zai gane? Injin da ke da laƙabi kuwa, ka rubuta samfurinsa da lambar da ke jikin farantinsa, domin da wannan lambar ce za a nemo shi a jerin kayan da aka yi wa inshora.

Mataki na 2: Fayyace haruffa a wurin da suka fara fitowa

A karon farko ka rubuta cikakken sunan kamar yadda yake a littafin kamfanin da ya ƙera injin, sannan haruffan, sannan jimla ɗaya da ke faɗin aikin abin. Cikakken suna kaɗai ba ya wadatarwa, don wanda bai san na'urar ba, dogon sunanta ma bai sani ba. Bayan cikakken sunan, sai ka ce: "AVR ita ce na'urar da ke riƙe ƙarfin wutar janareta a kusan bolt 400. Idan ta lalace, ƙarfin na iya haurawa ko faɗuwa."

Haruffan da suka fito sau ɗaya ko biyu, ka cire su ka rubuta sunan. Haruffan da ke da ma'ana biyu kuwa, ka raba su. A misalinmu PM na farko sabis ne da ake yi wa injin kafin ya samu matsala, na biyu manajan masana'anta ne, kuma mai karatu na iya ɗaukar sa alamar lokacin yamma. Saboda haka ka rubuta "sabis na rigakafi" da "manajan masana'anta", ka yi amfani da agogon awa 24, ka kuma rubuta sunan wata da kalma maimakon 03/04, wanda wani zai karanta Maris wani Afrilu.

Mataki na 3: Faɗi abin da na'ura ba ta yi

Nan ne rahotanni da yawa ke cutar da masu su. "MCCB bai yanke ba" gaskiya ne, amma baƙo zai ɗauka na'urar kariyar ta lalace ko an yi sakaci da ita. Alhali MCCB makunni ne da ke yanke wuta idan kaya sun ja wuta fiye da ƙima, ko wayoyi sun haɗu. Irin wanda aka saba sakawa ba ya jin hauhawar bolt sai an ƙara masa wata na'ura ta musamman. Don haka ka rubuta: "Makunnin bai yanke ba domin aikinsa kariya ne daga yawan jan wuta, ba daga hauhawar bolt ba." Idan an gwada shi bayan abin ya faru, ka faɗi ranar gwajin da sakamakonsa.

Mataki na 4: Mayar da muƙami ya zama aiki da iko

A bakin mutanenmu duk mai riƙe sifana injiniya ne. A takardar inshora ba haka ba ne. Hukumar COREN da ke rajistar masu aikin injiniya a Nijeriya tana bambanta injiniya da masanin fasaha da mataimakin fasaha da mai sana'ar hannu. Idan ka rubuta "injiniya ya duba" aka tarar mai gyaran wuta ne, za a fara shakkar sauran bayananka, ko da mutumin gwani ne.

Ga kowane mutum ka faɗi abu uku: muƙaminsa na gaskiya, abin da aka ɗora masa, da ko ma'aikacinku ne ko na waje. Misali: "Mai kula da wutar lantarki, ma'aikacinmu ne, shi ke kunna janareta da rubuta ma'auni kowace awa, ba shi da izinin buɗe AVR." Ka kuma raba wanda ya gani da idonsa da wanda ya bincika daga baya da wanda ya sa hannu, tunda nauyin shaidarsu ba ɗaya ba ne.

Mataki na 5: Maye gurbin kalmar sana'a da lamba

"A kan lokaci" ba hujja ba ce. Ka ce littafin injin ya umarci a canza baƙin mai duk awa 250, an yi na ƙarshe a awa kaza, ga shafin littafin sabis a haɗe. Haka ma ma'auni: kVA da kilowat ba ɗaya ba ne. Janareta 500 kVA yawanci kilowat 400 yake iya bayarwa. Idan littafin ma'auni ya nuna kilowat 280 a lokacin, ka rubuta cewa kashi 70 cikin ɗari na ƙarfinsa yake ɗauke da shi.

Ka yi hattara da kalmomin da ake furtawa da gatse ko da sabo a wurin aiki. "An yi masa lodi da yawa" na iya zama zargin sakaci. "Ya tsufa" na iya jefa ka cikin zaizayewar yau da kullum, wadda inshorar lalacewar injuna ba ta saba biya ba. "Gobara" ma a bar ta sai in an ga harshen wuta. Idan hayaƙi da ƙauri aka samu, haka za a rubuta, domin inshorar gobara daban take da ta lalacewar injuna. Manufar ba ɓoye laifi ba ce. Idan da gaske lodin ya wuce ƙima, ka faɗa da lambarsa.

Mataki na 6: Jerin ma'anoni da gwaji

Idan rahoton ya wuce shafi biyu ko uku, ka sa jerin haruffa da muƙamai a farkonsa, kowanne da layi ɗaya. Sunan da ka zaɓa wa abu, ka riƙe shi har ƙarshe. Sannan ka miƙa wa wanda ba ɗan sashenku ba, ka ce ya faɗa maka abin da ya lalace, me ya jawo, wa ya tabbatar. Duk inda ya tsaya ya tambaye ka, bayanin da ka ba shi da baki ka rubuta shi a wurin.

Kada ka tura rahoto sai ya ci wannan gwajin. Ranar da za a karanta shi a ofishin inshora ba ka nan balle ka yi ƙarin bayani, don haka ka rubuta bayanin tun yanzu.